Maganar baki ba ta shiga fayil

A ranar 18 ga Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi daga zama a fadar gwamnati da ke Abuja da matsaya guda, wato mafi ƙarancin albashi zai koma naira 70,000. Wannan adadi ya shiga takarda, ya bi ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa, aka sa masa hannu ya zama doka tun watan bai ƙare ba, kuma har yau babu wanda ya yi musun cewa shi ne abin da aka amince da shi. Amma a farkon Satumba, da farashin fetur ya tashi a gidajen man kamfanin NNPC, sai shugaban ƙungiyar NLC, Joe Ajaero, ya fito ya ce an ci amanarsu, domin a cewarsa sun karɓi wancan adadi ne bisa fahimtar cewa ba za a ƙara kuɗin mai ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, har wani hadimi da ya ce da shi aka yi zaman ya bayyana cewa ba a yi irin wannan ciniki ba. Mutanen da suka zauna a ɗaki ɗaya suka fito da labari biyu, kuma babu wata takarda da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu a kan batun man da za a ɗauko a raba gardama.

Shekara biyu kafin wannan an ga irinsa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, aka janye shi ranar 14 ga Oktoba, bayan umarnin kotu da kuma shiga tsakanin da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya yi. Da aka zo biyan albashin Oktoba sai malamai suka ga an biya su na kwanakin da suka yi aiki kawai, albashin watannin yajin aiki kuwa shiru. Shugaban ASUU na lokacin, Farfesa Emmanuel Osodeke, ya ce an yaudare su, ɓangaren majalisa kuma ya ce Kakakin bai taɓa ɗaukar alkawarin za a biya albashin da aka riƙe ba. Sai a watan Oktoban 2023 sabuwar gwamnati ta amince a biya wata huɗu daga cikin takwas ɗin. Ko wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, abin da ya fito fili shi ne sharaɗin da ya fi damun malaman bai samu shiga rubutun da zai ɗaure kowa ba.

Waɗannan manyan rigingimu ne da jaridu suka ɗauka. Ƙananansu kuwa kullum ana yin su a Sakatariyar Tarayya da hukumomin da ke warwatse a Garki da Wuse da Maitama, sai dai ba mai jin labarinsu. Wanda suke faɗa wa kuma galibi ba minista ba ne, ba babban sakatare ba ne. Ƙaramin jami'in da ya ji umarni da kunnensa ya aiwatar, ko hadimin da ya isar da saƙon maigidansa da baki, shi ake kira bayan shekara biyu a ce ya nuna inda aka ba shi izini. Saboda haka ya kamata ya zama ɗabi'ar aiki cewa duk wanda nauyin aiwatar da abin da aka yanke a taro ya hau kansa, ya rubuta gajeriyar takardar tabbatarwa cikin yini guda, ya aika wa wanda ya ba da umarnin, ya kuma tabbatar ta shiga fayil.

Wani zai ce ai ana rubuta rahoton taro, me ya sa za a ƙara wani aiki? Amsar tana cikin yadda rahoton taro yake tafiya a ma'aikatu. Sakataren taro yakan ɗauki kwanaki kafin ya kammala daftari, daftarin ya jira shugaban taro ya duba, sannan ba ya zama karɓaɓɓe sai an karanta shi an amince da shi a zama na gaba, wanda zai iya zuwa bayan wata guda ko wata uku. Kafin lokacin an riga an kashe kuɗi, an riga an tura mutane tafiya, ɗan kwangila ya riga ya shiga aiki. Bayan haka, harshen rahoton taro harshe ne na sassauci. Za a rubuta cewa taro ya lura da buƙatar faɗaɗa shirin, ko an umarci sashen da abin ya shafa ya ɗauki matakin da ya dace. Irin wannan jimla ba ta faɗin adadi, ba ta faɗin rana, ba ta kama sunan kowa. Uwa uba, yawancin umarnin da ke jawo rigima ba a zaman da ke da sakatare ake ba da su ba. A ofishin darakta ake ba da su bayan an watse, ko a tsaye a bakin mota, ko a waya da dare.

Misali zai fi bayyana abin. A ɗauka wata ma'aikata ta ba wani kamfanin horaswa aikin horar da ma'aikata 120 a Kaduna na kwana uku, a kan naira 150,000 kowane mutum, jimla naira miliyan 18, kuma takardar ba da kwangila ta faɗi haka ƙarara. Ana saura mako biyu, sai aka zauna a ofishin babban sakatare tare da daraktan kula da ma'aikata, da daraktan kuɗi, da mataimakin darakta mai kula da horo, da wakilin kamfanin. Daraktan ma'aikata ya ce ofisoshin jihohi sun koka an bar su a baya, ya nemi a ƙara mutum 30. Wakilin kamfani ya ce babu matsala a wajensu. Daraktan kuɗi ya ce zai duba abin da ya rage a kason horo. Babban sakatare ya dubi agogo, ya ce to madalla, a ci gaba, aka tashi.

Mutum biyar sun ji magana ɗaya, amma kowa da abin da ya tafi da shi. Wakilin kamfani ya fahimci an ƙara masa mutum 30 a kan farashin da aka saba, wato ƙarin naira miliyan 4.5, don haka ya kama ƙarin ɗakunan otal ya buga ƙarin kayan karatu. Daraktan ma'aikata ya ɗauka “babu matsala” na nufin kamfanin zai ɗauki mutanen a cikin miliyan 18 ɗin, tunda zaure ɗaya ne kuma malamai ɗaya ne. Daraktan kuɗi yana ganin bai amince da komai ba, cewa kawai ya yi zai duba. Babban sakatare kuwa abin da yake nufi shi ne a ci gaba da shirin horon, ƙarin kuma a kawo masa a rubuce idan kuɗi ya samu. Mataimakin darakta, wanda shi ne mai aiwatarwa, ya aika wa jihohi takardar gayyatar mutum 30. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu kuma wanda ya yi niyyar cuta. An yi horo lafiya, kamfani ya kawo takardar neman biyan naira miliyan 22.5, odita na cikin gida ya buɗe fayil ya ga amincewar miliyan 18 kaɗai, ya mayar da baucar. Takarda ɗaya tilo da ke nuna ƙarin mutum 30 ita ce gayyatar da mataimakin darakta ya sa wa hannu, saboda haka takardar tuhuma kansa za ta nufa.

Da a ce da yammacin ranar taron ya zauna ya rubuta wa babban sakatare, ta hannun daraktansa kamar yadda tsarin aiki ya tanada, da abin bai kai haka ba. Takardun ofis da Turanci ake rubuta su, amma ma'anar abin da zai rubuta ba za ta wuce wannan ba: “Ranka ya daɗe, dangane da zaman da aka yi yau Talata a ofishinka a kan horon Kaduna, wanda daraktan ma'aikata da daraktan kuɗi da wakilin kamfani suka halarta, ga abin da na fahimta. Na ɗaya, horon mutum 120 a kan naira miliyan 18 yana nan yadda aka amince. Na biyu, an kawo shawarar ƙara mutum 30 daga ofisoshin jihohi, wanda a farashin kwangila zai kai ƙarin naira miliyan 4.5. Na uku, daraktan kuɗi zai tabbatar ko akwai kuɗin a kason horo zuwa ranar Alhamis. Na huɗu, ba a tsayar da ko kamfani zai rage farashin ƙarin mutanen ba. Ba zan aika gayyata ga jihohi ba, ba kuma zan sanar da kamfani wani ƙari ba, sai na sami amincewarka a rubuce. Ina roƙon a gyara mini idan akwai inda na kuskure fahimta.”

Takardar ba ta kai rabin shafi ba, amma kowace jimla a cikinta da aikin da take yi. Ta faɗi rana da wuri da waɗanda suka halarta, domin idan an yi musu a san waɗanda za a tambaya. Ta mayar da kalmar “ƙari” zuwa lissafi, mutum 30 da naira miliyan 4.5, kuma ganin adadi a rubuce shi ne yake farkar da mai amincewa, domin a nan ne zai lura ƙarin ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na kwangilar, ya tambayi kansa ko yana da hurumin amincewa da shi kai tsaye ko sai an bi ta sashen sayayya. Ta ɗora kowane aiki a kan mutum guda da rana guda. “Za a duba” ba ta da mai ita, amma “daraktan kuɗi zai tabbatar zuwa Alhamis” tana da wanda za a tuntuɓa ranar Juma'a. Sannan ta ware abin da aka yanke daga abin da aka tattauna kawai, ta kuma ambaci abin da aka bari a buɗe. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali yawancin gardama daga nan take tsirowa, domin kowane ɓangare yakan cike gurbin da aka bari da abin da ya fi masa daɗi.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda jami'in ya ce ba zai motsa ba sai ya ga amincewa a rubuce. Akwai salon da ya yaɗu a wasiƙun kamfanoni, inda mai rubutu zai ce idan bai ji komai ba zuwa rana kaza zai ɗauka an yarda. Wannan salo yana da amfani a ƙananan abubuwa, kamar ranar zama na gaba ko wanda zai shirya daftari. A kan kuɗin gwamnati kuwa tarko ne. Shirun babban sakatare ba amincewa ba ne, kuma babu oditan da zai karɓi shiru a matsayin izinin biya. Ƙa'idojin Kuɗi na Gwamnatin Tarayya sun tanadi cewa umarnin da minista zai ba babban jami'in da ke riƙe da asusun ma'aikata, matuƙar ya shafi kuɗi, ya zama a rubuce. Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 kuma ta wajabta a ajiye cikakken bayanin kowane mataki na ba da kwangila. Idan har doka ba ta yarda babban sakatare ya dogara da maganar bakin minista ba, babu dalilin da jami'in mataki na 12 ko na 14 zai dogara da maganar bakin darakta. Don haka takardar tabbatarwa iri biyu ce. Wadda ta shafi shiri da jadawali tana iya ɗaukar shiru a matsayin yarda. Wadda ta shafi kuɗi, ko ɗaukar ma'aikaci, ko sauya sharaɗin kwangila, dole ta tsaya ta jira sa hannu.

Lokacin aikawa ma yana da muhimmanci. Takardar da ta isa a ranar taro ko washegari tana samun kowa da sauran tunanin abin da ya faɗa, kuma babu wanda ya riga ya kashe kuɗi ko ya ɗauki matsayin da zai ji kunyar janyewa. Gyara a wannan lokaci ba ya cin komai. Babban sakatare zai rubuta layi biyu a gefen takarda, ya ce ƙarin ya jira, magana ta ƙare. Takardar da aka rubuta bayan mako uku, lokacin da hayaƙi ya fara tashi, kowa zai karanta ta a matsayin shirin kare kai, kuma ƙimarta a wajen mai bincike ba ta kai ta wadda aka rubuta tun ba a san za a yi rigima ba.

Inda takardar ta sauka shi ma abin lura ne. Aikin ofis da yawa yanzu ya koma WhatsApp, kuma Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da bayanan da na'ura ta fitar a gaban kotu idan an cika sharuɗɗa. Amma abin da kotu za ta iya karɓa daban, abin da wanda ya gaji kujera zai tarar daban. Saƙon da ke cikin wayar mutum yana tafiya da mai wayar. Ana iya goge shi, waya tana ɓata, kuma jami'in da aka kawo daga wata ma'aikata ba shi da hanyar ganinsa. A aikin gwamnatin tarayya mutane ba sa daɗewa a kujera ɗaya. Ana sauya wa manyan sakatarori ma'aikatu, darakta yana da wa'adin shekara takwas, ritaya tana zuwa a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, hadimai kuma suna tafiya ranar da maigidansu ya tafi. Rahoton Odita Janar na Tarayya kuwa yakan fito ne shekaru bayan an kashe kuɗin, kuma idan kwamitin asusun gwamnati na majalisa ya kira ma'aikata, fayil yake tambaya. Saboda haka takarda ta bi ta ofishin rajista a buga mata hatimin karɓa mai kwanan wata, ko ta fita daga adireshin imel na hukuma, ko ta shiga manhajar ajiye takardu inda ma'aikata ta koma aiki da ita. Idan da waya aka ba da umarni, to a mayar da shi takarda da safe, a ambaci ranar kiran da lokacinsa.

Akwai ɗaya gefen da ma'aikata ba su cika kula da shi ba, wato lokacin da su ne aka aiko wa takardar tabbatarwa. A misalin Kaduna, a ɗauka wakilin kamfani ne ya riga kowa rubutu, ya aiko da wasiƙa yana godiya da amincewar ma'aikata ta ƙara mutum 30 a kan naira miliyan 4.5. Wasiƙar ta shiga rajista, aka buga mata hatimi, aka ɗora a kan tebur, babu wanda ya amsa. Kotunan Nijeriya sun sha yanke hukunci cewa wasiƙar kasuwanci da ta ƙunshi iƙirarin da ya kamata a musanta, idan aka yi shiru a kanta, ana iya ɗaukar shirun a matsayin yarda da abin da ta ƙunsa. Gaskiya ne sashe na 128 na Dokar Shaida ya hana a yi amfani da maganar baki wajen sauya abin da rubutacciyar kwangila ta ƙunsa, amma ya bar 'yan kafofi, ciki har da yarjejeniyar baki da aka ƙulla daga baya, kuma wasiƙar da ba a musanta ba ita ce hujjar da mai iƙirari yake nema. Don haka duk jami'in da irin wannan wasiƙa ta zo hannunsa, ya karanta ta layi-layi kamar kwangila. Idan ta faɗi abin da ba a yanke ba, a amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, a ce an tattauna batun amma ba a amince ba, kuma kada kamfani ya ɗauki wani mataki sai ya karɓi takardar ma'aikata.

Hadiman ministoci da na 'yan majalisa suna cikin hali na musamman. Aikinsu kusan duka isar da saƙo ne, kuma kalmar “maigida ya ce” tana buɗe ƙofofi a ma'aikata. Amma hadimi ba shi da ikon amincewa da komai a tsarin kuɗin gwamnati, kuma ranar da abu ya lalace, ana iya cewa shi ne ya ƙara gishiri ko bai fahimci saƙon ba. Kariyarsa ita ce ya rubuta saƙon a taƙaice, ya mayar wa maigidan ya gani ya sa hannu ko da harafin farko na sunansa ne, kafin ya kai wa babban sakatare. Ma'aikacin da hadimi ya kawo wa saƙon baki shi ma yana da haƙƙin ya ce cikin ladabi a taimaka a kawo shi a rubuce domin a sa a fayil. Idan an ce ba sai an rubuta ba, an ce gaggawa ce, an ce a yi kawai takarda za ta biyo baya, to wannan ita ce alama mafi bayyana cewa akwai matsala. Umarni na halas ba ya jin tsoron takarda. Sauran alamomin su ne taron da aka tashi babu wanda ya maimaita abin da aka yanke, da amincewar da ba ta ɗauke da adadi, da aikin da aka ce “za a yi” ba a faɗi wanda zai yi ba.

Babbar hujjar masu ƙin wannan ɗabi'a ita ce ta al'ada, kuma ba hujjar banza ba ce. A wurare da yawa, ƙarami ya rubuta wa babba abin da babban ya faɗa yana kama da rashin yarda, kamar ana cewa maganarsa ba ta isa ba. Akwai shugabannin da za su ɗauki abin da zafi, su sa wa jami'i ido a matsayin mai taurin kai, kuma wanda yake jiran ƙarin girma ko sauyin wurin aiki ya san abin da hakan ke nufi. Maganin wannan yana cikin yadda aka tsara takardar. Mai hikima yakan ɗora yiwuwar kuskure a kan kansa, ya ce ga abin da ya fahimta, a gyara masa. Ba ya rubuta “kamar yadda ka umarta” a kan abin da ake shakka, ba ya kuma aika kwafi ga rabin ma'aikata kamar mai tara shaidu. Waɗanda suka halarta da waɗanda aikin ya shafa sun isa, musamman da yake ma'aikaci yana ƙarƙashin rantsuwar riƙe sirri. Sannan idan ya mayar da abin ɗabi'arsa a kowane zama, da wanda ake zargi da wanda ba a zargi, ba wanda zai ce da shi ake. Ita kanta al'adar ba ta ƙi rubutu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin mutanen da suka yarda da juna take magana. Rubutu ba zargi ba ne, tanadi ne saboda mantuwa da mutuwa da sauyin hali.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Takarda ba ta tilasta wa kowa cika alkawari. Yarjejeniyar 2009 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ASUU a rubuce take da sa hannu, amma an shafe shekaru ana yajin aiki a kan aiwatar da ita. Sai dai a lura da bambancin. A kan yarjejeniyar 2009 gardamar ita ce an cika ko ba a cika ba, wanda abu ne da ake iya aunawa, a kai gaban kotu ko gaban jama'a. A kan albashin 2022 da farashin man 2024 kuwa, gardamar ita ce an ma yi alkawarin ko ba a yi ba, kuma wannan ba ta da ranar ƙarewa. Haka nan takardar tabbatarwa ba ta halatta haram. Jami'in da aka umarta ya raba kwangila gida biyu don a kauce wa iyakar amincewa, rubuta umarnin ba zai wanke shi ba idan ya aiwatar. Abin da zai rubuta a nan shi ne dalilin da ya sa ba zai iya ba, da ƙa'idar da ta hana. Akwai kuma haɗarin mai rubutu ya karkatar da bayani zuwa abin da yake so, ya mayar da shawara ta zama hukunci. Wanda aka kama da wannan sau ɗaya, babu mai sake yarda da takardarsa, don haka amincin bayani shi ne jarin mai wannan ɗabi'a.

Nauyi mafi girma yana kan masu shugabantar taro. Minti biyar na ƙarshen kowane zama sun isa shugaba ya sa a karanto abin da aka yanke ɗaya bayan ɗaya, da adadi da suna da rana, ya tambaya ko akwai mai wata fahimta daban, ya kuma ambaci wanda zai aika da taƙaitaccen bayani kafin a tashi aiki washegari. Babban sakataren da ya sa wannan ya zama ƙa'idar ofishinsa ya ɗauke wa ƙananan jami'ai tsoron a ce sun yi rashin kunya, ya kuma kare kansa daga masu yawo da sunansa suna cewa ya amince. A misalin Kaduna, tambaya ɗaya kafin a tashi, wato ƙarin mutum 30 ɗin da kuɗi ne ko babu kuɗi, kuma wa zai sa hannu, da ta hana bashin naira miliyan 4.5 da takardar tuhuma da ɓacin ran kamfanin da ya yi aikinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ofisoshin gwamnati tsagar tana tsakanin lokacin da aka ce “a ci gaba” da lokacin da wani ya ɗauki alƙalami, kuma rabin shafi ya isa ya toshe ta.